Sharhi: Bayanin Kaya Ɗari Uku Cikin Awa Ɗaya, Wa Zai Duba?

 Sharhinmu na yau ya shafi wani aiki da ya fara zama ruwan dare a tsakanin masu sayar da kaya ta intanet, wato sa manhajar ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Gemini, ta rubuta musu bayanin hajarsu da yawa a lokaci guda. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, wannan na cikin ayyukan farko da 'yan kasuwa suka ɗora wa irin waɗannan manhajoji, domin aiki ne mai cin rai, ga yawa, ga kama da juna.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano. Yana da kaya kala ɗari uku, atamfa da shadda da leshi da yadin maza, yana so ya ɗora su a shagonsa na intanet, kowanne da hotonsa da ɗan bayani na layi uku ko huɗu. Idan zai rubuta da hannu, a ce minti goma kowane ɗaya, aikin awa hamsin ke nan. Manhaja kuwa za ta zubo masa su duka kafin ya gama karin kumallo. To amma abin da nake so mu tsaya a kai shi ne, rubutun da ya fito cikin wannan saurin yakan zo da cuta biyu. Ta farko ƙagen bayani, wato a faɗi abin da babu shi a jikin kayan. Ta biyu maimaici, wato bayanai ɗari uku su fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Kowace cuta da yadda ake gano ta, kuma wanda ya iya gano ɗaya ba lallai ya ga ɗayar ba.

Sai mun fahimci yadda manhajar ke rubutu kafin mu gane inda cutar ta samo asali. Ita ba ta taɓa ganin turmin atamfar da ke shagonka ba, ba ta shafa shi ba. An horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubuce, ta koyi wace kalma ce ta fi yawan biyo bayan wacce. Idan tana rubutu, kalma bayan kalma take zaɓa, gwargwadon abin da ya fi dacewa da abin da ya gabata. Saboda haka idan ka ce ta rubuta bayanin shadda, ba ka gaya mata inda aka saƙa ta ba, za ta iya cike gurbin da abin da aka fi faɗa a tallan shadda. Shaddar da ta fi suna a Afirka ta Yamma ita ce ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya, kamar yadda atamfar Vlisco ta ƙasar Holan ta yi fice. To kada ka yi mamaki idan ka ga an liƙa wa shaddarka 'yar China asalin Turai. Halinta kamar na sabon yaron shago ne mai zaƙin baki, wanda idan mai saye ya tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya ba da amsar da ya saba ji a bakin 'yan kasuwa, maimakon ya ce bari ya tambayo maigida. Wannan ɗabi'ar ta bin abin da aka fi faɗa ita ce kuma ke haifar da maimaici, domin idan ka yi mata tambaya iri ɗaya sau ɗari uku, hanyar da ta fi saba bi ita za ta sake bi.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke kamawa. A watan Mayu na 2025, jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta buga jerin littattafai goma sha biyar da take ba masu karatu shawarar su karanta a lokacin hutu, kowanne da ɗan bayaninsa. Goma daga ciki babu su a duniya. Marubutan da aka jingina wa littattafan mutane ne na gaskiya, sanannu, amma sunayen littattafan da labaransu duk ƙage ne, kuma wanda ya haɗa jerin ya amsa cewa da ƙirƙirarriyar basira ya yi aikin bai duba ba. Kafin nan, a farkon 2023, kafar labaran fasaha ta CNET ta koma kan maƙaloli 77 da manhaja ta rubuta mata, ta yi gyara a 41 daga cikinsu. Darasin da ke cikin waɗannan shi ne, ƙagen ba ya zuwa da wata alama. Jimlar ƙarya da jimlar gaskiya duk da murya ɗaya suke fitowa, cikin natsuwa da tsari.

To yaya ake aikin? Maganin farko tun kafin a fara rubutu ake shan sa. Ɗan kasuwarmu zai buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets, kowane kaya da layinsa. A jere zai sa lambar kaya, nau'insa, launi, zane, tsawo, ƙasar da aka yi shi, irin zaren, da farashi. Duk abin da ya shiga jadawalin nan daga jikin kayan zai fito, ko daga tambarin da ke gefen yadin, ko daga takardar dila. Inda bai sani ba, kada ya bar gurbin haka nan, ya rubuta "babu bayani" ƙarara. Wannan ƙaramin abu yana da tasiri, domin gurbin da aka bari fili shi ne ya fi jawo ƙage. Sannan a cikin umarnin da zai ba manhajar ya faɗa mata dalla-dalla cewa da abin da ke layin kaɗai za ta yi amfani, inda aka rubuta babu bayani ta tsallake shi, kada ta ambaci asali ko zare ko ƙarko sai in an ba ta. Umarnin yana rage matsalar sosai, amma ba ya kawar da ita, shi ya sa dubawa ta zama dole.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata a bar wa manhaja ta rubuta su ba sam. Farashi, tsawon yadi, lambar kaya, ka'idar mayar da kaya, duk waɗannan jadawalin ne zai liƙa su a ƙarshen kowane bayani yadda suke. Abin da ba a ba ta ta sake rubutawa ba, ba za ta ɓata shi ba.

Bari mu bi layi guda mu ga yadda dubawar take. A jadawali an rubuta: atamfa, launi shuɗi da ruwan goro, zanen ganye, yadi shida, ƙasar da aka yi ta babu bayani, zare babu bayani. Sai bayanin ya fito kamar haka: "Atamfa ce mai launin shuɗi da ruwan goro, da zanen ganye mai ɗaukar ido. An yi ta da auduga zalla, ba ta zuba ko an wanke ta sau da yawa. Turmi guda yadi shida ne, ya ishi riga da zani da ɗankwali."

Wanda ya karanta wannan a gurguje zai ce ya yi kyau. Mai dubawa kuwa ba daɗin karatu yake nema ba. Zai tsinka bayanin ne iƙirari bayan iƙirari, kowanne ya tambayi kansa, a wane gurbin jadawali wannan yake? Launi shuɗi da ruwan goro, akwai. Zanen ganye, akwai. Yadi shida, akwai. Auduga zalla, babu, domin gurbin zare babu bayani aka rubuta. Ba ta zuba, babu, kuma wannan ya fi muni, saboda alkawari ne aka ɗaukar wa mai saye da sunan mai shago. Sai na ƙarshe, cewa ya ishi riga da zani da ɗankwali. Wannan ma ba ya cikin jadawali, amma duk wanda ya san harkar ya san turmi yakan yi hakan, don haka mai shago na iya barinsa idan ya yarda ya tsaya a kansa. Cikin iƙirari shida ke nan, uku suna da tushe, biyu ƙage ne, ɗaya kuma yana bukatar hukuncin mai kaya. Ka'idar a nan ita ce, ba a barin magana don kawai tana iya zama gaskiya. Wataƙila atamfar auduga ce, amma sai an ɗauko turmin an duba tambarinsa, a cike jadawali, sannan kalmar ta sami izinin zama.

Da zarar ka duba goma ko ashirin na farko, za ka lura ƙagen yana da wuraren da yake son sauka. A harkar yadi su ne asali, da zare, da ƙarko, da yadda ake wanki, da kalmomi irin su orijina, na waje, ba ya koɗewa, ba ya yamutsewa. Sai ka rubuta su a takarda, ka koma jadawalin ka nemo su ɗaya bayan ɗaya da `Ctrl+F`, ko ka ƙirga su da `COUNTIF`. Idan kalmar auduga ta fito a bayanai tamanin, alhali kaya talatin ne kawai ka rubuta wa auduga a gurbin zare, ka san akwai hamsin da ke jiran gyara. A kula da abu ɗaya in da Hausa ake rubutun. Manhaja takan rubuta kalma wani lokaci da harafi mai lanƙwasa, wani lokaci babu, shi kuwa bincike haruffa daban yake ɗaukarsu. In za ka nemi "koɗewa", ka neme ta ta fuska biyun.

Wani zai ce, ai ba sai na duba duka ba, in na ɗebi ashirin na ga lafiya, sauran ma lafiya. Bari mu yi lissafi. A ce cikin ɗari ukun nan, goma sha biyar ne ke ɗauke da ƙage, wato biyar cikin ɗari. Idan ka ɗebi ashirin ba tare da zaɓe ba, kusan sau ɗaya cikin uku za ka gama dubawa ba ka ci karo da ko guda ba, ka tafi da murna alhali goma sha biyar na nan kwance. Ko sittin ka duba ka same su tsaf, iyakar abin da za ka iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne kuskuren da wuya ya haura biyar cikin ɗari. Ɗiban samfuri yana gaya maka ko umarninka na aiki, amma ba ya nuna maka wane layi ne ya lalace. Don haka duk maganar da mai saye zai biya kuɗi saboda ita, kowane layi sai an duba shi. Minti biyu a kan kowane bayani awa goma ke nan, har yanzu ka tsira da awa kusan arba'in daga hamsin ɗin farko.

Ana iya sa manhajar ta taimaka a dubawar, misali a ba ta layin jadawali da bayanin da ta rubuta, ta jero maganganun da ba su da tushe. Wannan yana saurin nuna inda za a fara. Amma wadda ta yi ƙagen tana iya wanke shi, domin abin da ya yi mata kama da gaskiya a karon farko zai iya sake yi mata a karo na biyu. Hukunci na ƙarshe na mutumin da yadin ke gabansa ne.

Yanzu sai cuta ta biyu. Ita maimaici wahalarta daban ce, domin ba a ganinta a bayani guda. Ka ɗauki kowanne shi kaɗai, ba shi da laifi. Sai ka jera su, ka ga saba'in sun fara da "Ga wata kyakkyawar", ɗari da wani abu suna ɗauke da "mai ɗaukar ido", kusan duka sun ƙare da cewa ta dace da biki da Sallah. Mai saye da ke jan shafi a wayarsa, in ya karanta huɗu ya ga magana ɗaya ce, zai daina karantawa, kuma daga nan ko gaskiyar da ke ciki ba zai gani ba. Sannan bayanin da ya dace da kowane turmi bai gaya masa komai game da wanda yake so ya saya ba.

Hanyar gano shi mai sauƙi ce. Ka zuba bayanan duka a jere guda na jadawali, ka sa a tsara su bisa haruffa. Duk waɗanda suka fara da kalmomi iri ɗaya za su taru wuri guda, idonka ya gan su nan take. Bayan haka ka karanta jimlolin ƙarshe kaɗai daga sama zuwa ƙasa, domin farko da ƙarshe nan ne maimaici ya fi yin gida. Sai ka ɗauki kalmomin yabo da ka ga suna dawowa, ka ƙirga kowacce. Akwai kuma maimaicin da ƙirga ba ta kamawa, wato na gini: launi, sai yabo, sai wurin da za a sa, kullum a wannan jeri, ko da kalmomin sun bambanta. Wannan kunne ne ke kama shi. Ka sa wani ya karanto maka goma a jere da murya, in ka fara iya faɗin jimla ta gaba kafin ya kai, to ginin guda ne.

Me ke ƙara shi? Idan kowane bayani daban aka nema, manhajar ba ta san abin da ta rubuta a na baya ba, sai ta sake bin hanyarta ta kullum. Idan kuma duka a zama ɗaya aka nema, takan mayar da na farko abin koyi ta yi ta kwaikwayonsa. Haka nan in misali guda ka ba ta a cikin umarni, shi za ta riƙe. Saboda haka ka ba ta misalai uku ko huɗu masu gini daban-daban, ka yi aikin kashi-kashi, ashirin ko talatin, kana miƙa mata jerin kalmomin da suka gaji don ta kauce musu. Akwai wani ma'auni da masu amfani da manhajar ta hanyar shirin kwamfuta ke iya juyawa, sunansa `temperature`. In an ɗaga shi, zaɓin kalmomi yakan faɗaɗa, maimaici ya ragu, amma rubutun yakan fi saurin kauce wa abin da aka ba shi. Ba magani ne na kyauta ba.

Maganin gaske yana komawa ne ga jadawali. In turame arba'in duk abin da ka rubuta musu shi ne atamfa, yadi shida, da launi, to babu abin da zai bambanta bayanansu sai ƙawa ko ƙarya. Ka ƙara gurbi guda, ka rubuta abu ɗaya tak da ya keɓanci kowane turmi: zanen manya ne ko ƙanana, gefen yana da ado ko babu, yadin mai kauri ne ko mai laushi. Sai ka umarta a buɗe bayanin da wannan abin. Inda kuma babu abin faɗa da yawa, a bar shi layi biyu. Wajabta wa manhaja kalmomi ɗari a kan kayan da bayaninsa bai wuce kalmomi ashirin ba, gayyatar ƙage ce da maimaici a lokaci guda. Kuma a tuna ba kowane maimaici ne aibu ba. Tsawon yadi da ka'idar shago gara su zo da kalmomi iri ɗaya a ko'ina, don mai saye ya san inda zai same su.

Akwai tarko guda da nake so masu sauraro su riƙe, domin nan ne mutane da yawa ke faɗawa bayan sun yi ƙoƙari. Gyaran maimaici yana iya shigo da sabon ƙage. Ka gama tantance gaskiyar bayani, sai ka ce a sake masa salo don kada ya yi kama da na kusa da shi. A wajen neman sabuwar kalma, "mai sheƙi" sai ta koma "mai haɗin siliki", "mai kauri" ta koma "mai daɗewa bai tsufa ba". Salo ka nema, sai aka canja maka magana. Don haka jerin aikin yana da muhimmanci. A fara da gwajin goma, a gyara umarni, a rubuta sauran, a magance maimaici, sannan tantance gaskiya ta zo a ƙarshe. Duk bayanin da manhaja ta sake taɓawa bayan nan, ya koma layin dubawa daga farko.

Daga ƙarshe, alhakin wa ne in an yi kuskure? A watan Fabrairu na 2024, wata kotun sauraron ƙananan ƙorafe-ƙorafe a lardin British Columbia na ƙasar Kanada ta umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda manhajar amsa tambayoyi da ke shafin kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen kuɗin tikiti. Kotun ta ce abin da ke shafin kamfani, kamfani ne ke da alhakinsa. A Najeriya ma, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko na yaudara game da kaya, kuma hukumar FCCPC ce ke kula da ita. Tun kafin doka ma, kasuwa ta san sunan sayar da roba a matsayin auduga, algus ne, kuma matar da ta wanke atamfarta ta ga ta zuba, shagonka za ta dawo, ba wurin manhaja ba.

Saboda haka kirana ga 'yan kasuwa da matasan da ke yi musu wannan aiki shi ne, a yi amfani da manhajar, tana rage wahala ƙwarai, amma a sa lokacin dubawa cikin lissafin aiki da na kuɗin aiki tun daga farko. Kada bayani ko ɗaya ya hau shafi sai an gwada kowace maganarsa da jadawali, an kuma karanta shi tare da 'yan uwansa. Abin da ba za ka iya faɗa wa mai saye ido da ido ba, kada ka bari a rubuta shi da sunan shagonka.